Sun sayar mana da intanet mai ƙofar fita, babu ta shiga

Yau kwana tara ke nan ina yawo tsakanin shagon wani Alhaji da ke kusa da Kasuwar Dole da ofishin kamfanin sadarwa, a kan laifin da ba nawa ba. Sana'ata haɗa kamara da waifai a shaguna da gidaje a nan Damagaram. Alhaji ya sa na ɗaura masa kamara huɗu da na'urar da ke naɗar hoto, sharaɗinsa guda ɗaya: in yana Kano ko Yamai ya buɗe wayarsa ya ga shagonsa. Aiki ya yi kyau. In kana cikin shagon, a kan waifai ɗin, hoto tar kamar madubi. Da ka taka titi ka koma kan intanet na waya, sai allo ya yi baƙi. Daga Kano Alhaji ya kira ni: "Yaro, wannan aikin naka fa bai cika ba." Na ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri, zan gano." Ya riƙe cikon kuɗina, jaka 40, kuma ban ga laifinsa ba.

Na gano ɗin, kuma abin da na gano shi ne yake tafasa mini zuciya.

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai da adireshi. Tsohon tsarin da har yanzu muke kai, IPv4, adireshinsa duka-duka bai wuce miliyan dubu huɗu da ɗari uku ba, kuma tun Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya raba na ƙarshe ga yankuna. Dabarar da ta ceci lamarin ita ce NAT. Wayoyi da kamarori na cikin gida kowa yana da adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ko 10, waɗanda ba su da wani amfani a waje. Akwatin waifai shi kaɗai yake da adireshin da duniya ta sani.

Ka ɗauka babban gida ne a Birni, ɗakuna talatin, zaure guda, da dattijo zaune a zauren riƙe da littafi, shi ne akwatin waifai. Wayar da ke 192.168.1.20 ta aika saƙo waje daga ƙofa mai lamba 51000. Dattijon zai goge adireshinta ya rubuta na gidan, ya ba saƙon wata lambar ƙofa, sannan ya shigar a littafinsa kamar haka:

```
192.168.1.20:51000  <->  203.0.113.7:40001
```

In amsa ta dawo kan 40001, ya duba littafi, ya miƙa wa mai ita. Lambobin ƙofa sun kai 65535, shi ya sa adireshi ɗaya yake ɗaukar na'urori da yawa ba tare da saƙon wani ya faɗa hannun wani ba. In hira ta yi shiru na wani lokaci, sai ya share layin.

To ga inda gizo ke saƙar. Layi ba ya shiga littafin sai in wani daga ciki ne ya fara aikawa. Baƙo ya zo daga waje ya yi sallama, babu wanda ya aika a kira shi, dattijo ya duba bai ga komai ba, sai ya watsar da saƙon. Wayar Alhaji daga Kano baƙo ce. Maganin wannan kowane mai irin sana'ata ya san shi: ka shiga shafin akwatin, wurin da aka rubuta Port Forwarding, ka ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa 554, wadda hoton kamara ya saba bi, a kai shi wurin na'urar naɗi a 192.168.1.50. Na yi. Na sake yi. Na sauya igiya, na mayar da akwatin yadda ya fito daga kwali, na yi asarar yini biyu cikin zafin nan. Shiru.

A rana ta uku na yi abin da ya tona asirin. Na duba WAN IP a shafin akwatin, wato adireshin da kamfani ya ba akwatin, na ga 100.72.14.9. Na buɗe shafin da ke gaya maka adireshin da duniya take ganinka da shi, na ga wata lamba daban gaba ɗaya. In lambobin nan biyu suka saɓa, to akwai wani zaure a gaban zaurenka. Kuma duk adireshin da ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, an ware shi ne tun 2012 musamman domin kamfanonin sadarwa su yi nasu NAT ɗin a kan abokan cinikinsu, abin da ake kira CGNAT. Wato akwatin Alhaji ma ba shi da adireshin waje. Shi da ɗimbin mutanen da bai sani ba an cusa su bayan adireshi guda, littafin kuwa yana can cikin injinan kamfani inda hannuna ba ya kaiwa. Na buɗe ƙofar ɗaki, ƙofar gari tana kulle.

Ni ban ce kada su yi amfani da dabarar ba. Adireshi ya yi ƙaranci, na sani. Abin da ba zan yafe ba shi ne ɓoyewa. Lokacin da muka sayi akwatin nan, na faɗa da bakina cewa na kamara ne, za a riƙa kallo daga nesa. Aka karɓi kuɗi aka ce zai yi. Da na koma da bayani, wanda na tarar ya dubi kwamfutarsa ya ce, "Malam, rezo lafiya lau yake a unguwarku." Na ce ba maganar rezo nake ba, adireshin waje nake nema. Ya ce in kashe akwatin in kunna. Haba! Mutum ya baro aikinsa, ya hau kabu-kabu da rana tsaka, ya bi layi, a sallame shi da kashe-ka-kunna? Sai a zuwa na uku wani ya amsa cewa irin wannan adireshin sai manyan ma'aikatu, sai an rubuto takarda. Ashe sun sani. Me ya hana a rubuta a jikin kwali?

Kuma cutar ba ta tsaya kan kamara ba. Da yake adireshin na taro ne, in wani can ya yi ɓarna da shi, kowa ya sha. Shi ya sa za ka buɗe shafi ya hana ka shiga, ko ya tsare ka da zaɓen hotunan motoci don ka tabbatar kai mutum ne, alhali ba ka yi komai ba. Laifin wani, a shafa wa unguwa duka.

Wani abokin sana'a ya ce ai wannan kariya ce, tun da ɓarawo ba zai iya shigowa daga waje ba. Kariyar da mai gida ba shi da mabuɗinta ba kariya ba ce a wurina. Toshe baƙo aikin katangar tsaro ne, wadda nake iya buɗewa in rufe yadda mai shago yake so.

Yanzu dole na koma kan manhajar masu ƙera kamarar. Na'urar ce take fara kiran sabarsu daga ciki, don a samu layi a littafi, wayar Alhaji ita ma ta kira can, a haɗa su. In haɗin kai-tsaye ya ƙi, wanda ya kan faru idan ɓangarorin biyu duk suna bayan CGNAT, sai hoton ya zagaya ta sabar wata ƙasa kafin ya iso. Hoto na tsayawa, yana tsalle, kuma cikin shagon bawan Allah yana ratsa injin mutanen da bai taɓa gani ba. Na gaya wa Alhaji gaskiyar haka, bai ji daɗi ba.

Sabon tsarin adireshi, IPv6, yana nan shekara da shekaru, adireshinsa ya ishi kowace kamara ta samu nata. Na duba shafin akwatin, gurbinsa fayau, babu komai. Ranar Litinin zan koma ofishin da takardar da suka nema, ɗauke da hatimin shagon Alhaji, kuma ba zan tashi daga kujerar ba sai an gaya mini farashin adireshin da ranar da za a ba mu shi.