A sauya mutum-mutumin, a bar rigar yadda take

Masu sayar da abaya da dogayen riguna a Instagram da WhatsApp, ku ba ni aron kunnuwanku. Kwanakin nan kowa ya gano cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta iya ɗaukar hoton riga a jikin mutum-mutumi ta mayar da shi hoton mace sanye da rigar, kuma ban ga laifin hakan ba. Ɗaukar mai tallar kaya da mai hoto kuɗi ne, sannan ba kowace mace ce za ta yarda fuskarta ta yi yawo a waya ba. Abin da yake damuna shi ne yawancin hotunan da ake fitarwa ba rigar da ke shago ce a cikinsu ba, wata ce mai kama da ita. Mai saye kuwa abin da ta gani a hoto shi ta biya wa kuɗi.

Hanya biyu ake bi, kuma da yawa ba su san wadda manhajarsu take bi ba. A ta farko ana ba na'ura hoton rigar da hoton wata mace, sai ta share kayan jikin macen ta zana rigar daga farko a kanta. Haka irin su IDM-VTON da OOTDiffusion da suka fito a 2024 suke aiki. A ta biyu ba a taɓa rigar sam: kan mutum-mutumin da wuyansa da hannayensa da sandar da yake tsaye a kai ake shafewa, a ce na'ura ta cike gurbin da mutum. Ga duk kayan da ke da aiki ko zane, ni dai ta biyun nake goyon baya.

Ga dalili. Mu ɗauki baƙar abaya mai lamba 56, wato tsawonta inci 56 daga kafaɗa zuwa ƙasa, kusan santimita 142, da jerin duwatsu a bakin hannu da gaban ƙirji. Yawancin manhajojin hanya ta farko suna aiki ne a hoto mai faɗin fiksel 768 da tsawon 1024, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto. In aka cire kai da ƙafa, abayar za ta samu kamar fiksel 850, wato fiksel shida a kowane santimita. Dutse mai milimita uku ko fiksel biyu bai cika ba. Bayan haka, manhajojin da aka gina a kan Stable Diffusion, wato wani injin zana hoto na ƙirƙirarriyar basira, suna matse hoto sau takwas a tsaye da kwance kafin su fara zane, don haka duk wani abu da bai kai santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, a dunƙule na'urar take ganinsa. Ta san akwai ƙyalli a wurin, sai ta zuba ƙyalli irin nata. Shi ya sa za ku ga layi uku na duwatsu ya koma biyu, ko furen hannun dama ya bambanta da na hagu, ko zanen atamfa ya narke a wajen ƙugu kamar an jiƙa shi.

Akwai kuma matsalar abin da aka koya wa na'urar. VITON-HD, ɗaya daga cikin manyan tarin hotunan da ake horar da waɗannan manhajoji da su, rigunan sama ne na mata irin na shagunan Turawa, masu bin jiki. Idan aka kawo mata abaya mai faɗin hannu ko bubu, sai ta nemi ta cusa ta cikin siffar jikin macen da aka ba ta. Rigar da aka ɗinka don ta sauka a sake sai ta fito da ƙugu, hannun ya tsuke, wani lokacin ma ta tsaya a ƙwauri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman sutura, domin yalwar ce ta sa take son kayan. Kuma wanda zai yi amfani da IDM-VTON ya sani cewa lasisinsa bai ba da damar kasuwanci ba.

Hanya ta biyu tun daga ɗaukar hoto take farawa, tunda abin da aka ɗauka shi zai fita, ba gyara. A goge rigar. A tsayar da mutum-mutumin kusa da taga da rana, hasken ya zo ta gefe ɗaya, a kashe fitilar waya domin tana sa duwatsu su yi fari fat. Wayar ta tsaya daidai tsayin ƙugunsa, a ja baya mita biyu zuwa uku, a danna 2x. In aka matso kusa aka ɗauka daga sama, kafaɗa za ta yi faɗi, ƙasan rigar ya tsuke, kuma duk kan da aka ɗora daga baya zai yi kamar an manna shi. A ɗan buɗe hannayen daga jiki yadda za a ga tsakaninsu. Sannan a ajiye farar takarda a gefe cikin hoton, don a daidaita launi da ita kafin a yanke ta.

Abu ɗaya nake roƙo a nan: a cire fil ɗin da ake tsuke bayan riga da shi. A jikin mutum-mutumi kowa ya san ana yi. Amma da zarar an sa fuska da hannaye, hoton ya zama shaida cewa haka rigar take zama a jikin mutum, alhali ba haka take ba.

Sai shafe wuraren da za a sauya, abin da za ku gani a manhaja da sunan `mask`. Nan ne aikin yake. Baƙar abaya a kan baƙin mutum-mutumi tana rikita zaɓin da manhaja ke yi da kanta, don haka a zuƙo hoton a bi bakin wuyan da hannu. Idan mutum-mutumin marar kai ne, ana hango cikin bayan rigar ta wuya, har da tambarin kamfani. Wannan wurin dole a shafe shi, domin wuyan mutum ne zai rufe shi. In aka manta, za a samu kai yana shawagi a sama, baƙin ƙyalle ya raba shi da jiki. A saman kafaɗa kuma a bar fili mai yalwa, ya fi girman kan mutum-mutumin, don ɗankwali ya samu wurin zama.

Kada a yi komai lokaci guda. A fara da kai da wuya, sannan hannun dama, sannan na hagu, ƙafa a ƙarshe. A AUTOMATIC1111, manhajar sarrafa Stable Diffusion a kwamfuta, a shafin `inpaint` na cike gurbi, a zaɓi `Only masked`, wanda ke sa na'ura ta zuƙo wurin da aka shafe ta zana shi da cikakken girma, shi ne abin da ke hana fuska da yatsu lalacewa. A sa `Denoising strength`, wato yawan sauyin da za a yi wa wurin, tsakanin 0.9 da 1. In aka bar shi wajen 0.5, santsin robar mutum-mutumin zai rage a fatar, fuskar ta fito tana sheƙi babu rai. `Mask blur`, wato laushin bakin wurin da aka shafe, ya tsaya tsakanin 4 da 8. Idan ya wuce haka, launin fata zai fara malala cikin bakin rigar, ya cinye duwatsun layin farko. Umarnin da za a rubuta don kai da wuya gajere ya isa, kuma kada a ambaci rigar a ciki:

```
West African woman, dark brown skin, plain black headscarf, soft window light from left
```

Ambaton inda haske yake fitowa ba ado ba ne. Idan hasken rigar daga hagu yake, na fuskar kuma daga gaba, ido zai ji akwai matsala ko da mai kallo ba ta iya faɗin mene ne ba. Ɗankwalin kuma ya zama marar ado, wanda bai sauko ya rufe aikin ƙirji ba. In aka bar na'ura ta yi mayafi mai duwatsu da ya dace da abayar, mai saye za ta ɗauka tare ake sayarwa, ga rigima ta samu.

Hannaye su ne suka fi ba da wahala. A ƙirga yatsu, a duba babban yatsa yana ɓangaren da ya dace, a kuma kwatanta launin hannun da na fuska, domin tunda daban-daban aka zana su, sau da yawa ɗaya yakan fi ɗaya haske.

Masu amfani da ComfyUI, wata manhajar mai irin wannan aiki, su kula da wani tarko. A can hoton gaba ɗaya yake bi ta cikin matsewar nan ya dawo, har da wuraren da ba a shafe ba, don haka duwatsun suna iya dusashewa ba tare da an taɓa su ba. Maganinsa a mayar da ainihin rigar kan sakamakon da `ImageCompositeMasked`, ko a yi hakan da hannu a manhajar gyaran hoto irin Photopea ko GIMP. Akwai gwaji mai sauƙi da zai tabbatar: a ɗora hoton asali a kan sabon, a sauya yanayin haɗin zuwa `Difference`. Duk inda hotunan biyu suka yi daidai zai yi baƙi ƙirin. Wuraren da aka shafe ne kawai ya kamata su haska. In aka ga haske a jikin rigar, an taɓa ta. Bayan wannan gwajin ne za a ƙara 'yar inuwa a ƙarƙashin haɓa da cikin bakin hannu, da yanayin haɗi na `Multiply` a kashi 20 zuwa 30, don fatar ta zauna cikin rigar.

Wannan hanya tana da iyakarta. Tsayuwar mutum-mutumi ita za a samu, ba tafiya ba juyi, kuma girman jikinsa shi ne girman jikin macen. Leshi mai huda ma sai an yi masa shiri, domin launin roba zai riƙa leƙowa ta ramukan, kuma ba mai iya shafe su ɗaya bayan ɗaya. Gara a sa wa mutum-mutumin shimi ko ƙyallen ciki kafin a ɗauki hoto. Hanya ta farko kuwa tana da wurinta a kaya marasa zane, kamar jallabiya mai launi ɗaya, in an duba tsawo da faɗin hannu sun yi daidai da na gaske.

Game da fuska, kada a ɗauko hoton wata daga intanet, ko jaruma ce ko baƙuwa, a sa mata kayan shago ba da izininta ba. Wanda yake son mace ta gaske ya nemi yardarta a fili.

Wajen sakawa, hoton mai mutum ya zo farko, sai hoton mutum-mutumin na asali, sai hoton duwatsun daga kusa wanda waya ta ɗauka kai tsaye. A rubuta a ƙasa cewa rigar ta gaske ce, macen kuma na'ura ce ta zana ta, a haɗa da tsawo da faɗin ƙirji a inci. Wannan awon yana da muhimmanci, saboda abaya mai lamba 56 da ta taɓa ƙasa a hoton za ta ɗage a jikin doguwar mace, ta ja ƙasa a jikin gajeriya. Idan mai saye ta nemi ƙarin hoto a WhatsApp, a tura mata shi ta `Document`, domin turawa ta gama-gari tana matse hoto, kuma ƙananan duwatsun nan su ne farkon abin da ke ɓacewa.