Wata ashirin da suka ɓace a sebe ɗin ƙanwata

Jama'a ku bari in yi maganar nan yau, don ta daɗe tana cina. Aikina a nan Yamai ya haɗa da tace dosiye in an buɗe gurbin aiki, wani lokaci sebe ɗari da wani abu a kan tebur ɗaya, wato takardun tarihin karatu da aikin masu nema, kuma abin da na fi gani yana kada mutanen kirki shi ne yadda suke ɓoye lokacin da suka zauna ba aiki saboda ciwo ko jinyar wani nasu. Zaman kansa ba ya cika kada mutum, ɓoyon ne ke kada shi. Na gani a wurin baƙi, sai kuma abin ya zo har cikin gidanmu.

Ƙanwata ce, ɗiyar baffana, kontabul ce a wani kamfani nan Yamai. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki a Tawa, ita ce babbar ɗiya mace, kun dai san yadda abin yake a wurinmu, ba wanda ya zauna ya yi shawara, kowa ya san ita ce za ta tafi. Ta ajiye aiki ƙarshen Fabrairu 2021, ta hau bis ta koma gida. Daga Maris 2021 har Oktoba 2022 da Allah ya ɗauki ran Inna, ita ce wanka, ita ce juya ta a shimfiɗa don kada gyambon kwanciya ya kama ta, ita ce kai ta likita a dawo. Wata ashirin cur. Allah ya jiƙan Inna.

Farkon 2023 ta fara neman aiki, ta turo mini sebe ɗinta a WhatsApp ta ce Yaya duba mini. Ina buɗewa na ga ta rubuta aikinta na kamfanin nan daga 2017 zuwa 2022. Na kira ta na ce ke, yaushe kika yi aiki a 2022? Ta ce wallahi Yaya yaron da ya buga mata takardar a sibar ne ya ce ta ja shekarar, wai in an ga rami ba a kiran mutum, kuma wai kowa haka yake yi.

To ga inda dabarar yaron sibar take mutuwa. A ƙasar nan kusan duk sanarwar aiki ba sebe kaɗai take nema ba, ana cewa a haɗo da kofin diflom da takardar shaidar aiki, satifika ɗin da tsohon patoro yake ba ka ran da ka bar wurinsa. Wannan takarda kuwa ranar shigarka da ranar fitarka ne ainihin abin da ke cikinta. Tata an rubuta 28 ga Fabrairu 2021 ƙarara, da tambari da sa hannu. Wato da hannunta za ta sa takardu biyu a ambulan ɗaya, ɗaya tana ƙaryata ɗaya. Mu masu tacewa ba wani bincike mai zurfi muke yi ba, ajiye sebe kawai muke yi kusa da satifika mu bi kwanan wata da yatsa, minti ɗaya ya isa. In ma an tsallake nan, akwai kiran waya zuwa tsohon wurin aiki, kuma in an yi maka rajista a CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, watan da aka daina zuba maka kuɗi yana nan a rubuce. Sannan ku tuna aikin da take nema, kontabul, mai riƙe kes. Wanda ya ga ta gyara lamba a takardarta tun ba ta shigo ba, da wane ido zai miƙa mata makullin akwatin kuɗi?

Da na yi mata faɗa sai ta tafi ɗaya gefen. Kwana biyu ta sake turowa, wannan karon rabin shafi guda labarin Inna ne, ranar da ta faɗi, hawan jini, yadda ƴan uwa maza suka bar mata komai, har da maganin da ya yi tsada. Na karanta na yi hawaye don Innata ce ni ma, amma na ce mata wannan ma ba zai tafi ba. Mai karanta sebe ba ya da lokaci, kuma in ya ga rabin shafi na baƙin ciki abin da zai shiga ransa shi ne wannan baiwar Allah har yanzu ba ta dawo daidai ba, bari mu bar ta ta huta. Tausayi zai ji, kuma tausayi ba ya sa a kira mutum antiretiyan, wato ganawar ɗaukar aiki. Ga shi labarin ya ture shekara huɗu na aikinta zuwa shafi na biyu, inda da wuya ido ya kai.

Abin da muka yi a ƙarshe layi ɗaya ne. A cikin jerin ayyukanta, daidai inda kwanan watan ya faɗa, wato sama da aikin kamfanin tunda daga na baya-bayan nan ake farawa, da irin rubutu ɗaya da sauran, ba ja ba ƙaton baƙi. Da Faransanci aka rubuta tunda shi ake karɓa, amma ma'anarsa ke nan: Maris 2021 zuwa Oktoba 2022, dakatar da aiki don jinyar mahaifiya a Tawa, yanzu a shirye nake da aiki cikakken lokaci. Shi ke nan. Wasu suna tsayawa a rezon familiyal kawai, wato dalilin iyali, kuma ba laifi ba ne, amma ni na fi son a ce jinya in mutum bai damu ba, don dalilin iyali ga mace yana sa wasu su fara ƙirga aure da ciki da goyo a ransu, alhali jinyar uwa ba Bahaushen da zai ji ta bai gane ba.

Gutsuren ƙarshen nan na cewa a shirye nake, shi mutane suka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi sauran nauyi. Patoro ba abin da ya wuce ne yake damunsa ba, tsoronsa kada ya ɗauke ki yau bayan wata uku ki ce za ki koma Tawa. Tafiyar nan fiye da kilomita 500 ce, ba wurin da za a je da safe a dawo da marece ba. In jinyar ta ƙare a faɗa. In ba ta ƙare ba amma an samu wanda ya karɓa, a ce an tsara kulawar, kuma ya zama da gaske an tsara ɗin. In kuwa har yanzu ke ce kan jinyar, kada ki rubuta cikakken lokaci, nemi na rabin yini ko kontira gajere, don alkawarin da za ki karya a watan farko ya fi ramin sebe ɓata suna, garin nan ƙarami ne, masu ɗaukar aiki sun san juna.

Akwai wani abu da ta kusa bari a baya. Muna hira take ce mini ai lokacin da take Tawa, wani kawunmu mai fataucin albasar Galmi yakan kawo mata littafinsa, ita ke rubuta masa buhu nawa ya fita, wa ya biya wa ake bi, har ta mayar masa da shi cikin Excel. Na ce to wannan ai aikinki ne, me ya hana ki sa? Ta ce ba albashi, ba takarda. Muka ƙara rabin layi a ƙarƙashi, cewa a tsakanin tana riƙe wa wani ɗan kasuwa na dangi lissafi, ba a hukumance ba. Mun rubuta na dangi da gangan, don kada a zaci kamfani ne a nemi satifika. Iyakar abin da na yarda a ƙara ke nan, abin da aka yi da gaske kuma akwai wanda za a kira ya ce e ta yi. Amma wannan salon da nake gani yanzu, mutum ya yi jinyar tsohonsa ya rubuta wai manajan kula da lafiya da kasafin kuɗin gida, don Allah ku bari, dariya ake yi a buro.

Wanda shi ne ya kwanta da kansa, nasa ya ɗan bambanta. Nan shawarata kada ka rubuta sunan cutar ko kaɗan. Dakatar da aiki saboda dalilin lafiya, na warke, ina shirye. Ko tarin tibi ne ka sha maganin wata shida, ko tiyata ce, ko ciwon damuwa, wannan tsakaninka da likitanka ne, kuma rashin faɗin sunan ba ƙarya ba ne tunda ka faɗi cewa ciwo ne ka kuma ba da kwanan wata na gaskiya. Dokar aiki ta Nijar ta 2012, a aya ta 5, ta hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da naƙasa ko sida ko ciwon amosanin jini wajen ɗauka. Doka ce mai kyau, sai dai wanda ya ture dosiyenka gefe ba zai rubuto maka dalili ba, balle ka kai ƙara. Sebe kuma yawo yake, daga mai gadi zuwa sakatare zuwa wayar wani, ba ka san idon da zai faɗa ba. In ciwon irin wanda ba a rabuwa da shi ne, kada ka rubuta na warke, ka ce lafiya ta daidaita kana iya aiki. In kana bukatar wani sauƙi, kamar zuwa likita sau ɗaya a wata, wannan maganar baki ce bayan an nuna ana son ka, ba ta takarda ba.

Kuma ba kowane rami ne sai an yi masa bayani ba fa. Wata uku, wata huɗu, a ƙasar da mutum ke gama kontira ya zauna jiran wata, ba wanda zai ɗaga gira. Ni daga wajen wata shida zuwa sama nake fara tambaya a raina, in ya haura shekara kuwa dole a ce wani abu, don in ka yi shiru mai karatu zai cike wurin da kansa, kuma abin da yake cikewa da shi kora ce ko kaso ko wata ɓarna.

Kafin antiretiyan ɗinta na farko mun yi gwaji a tsakar gida bayan isha'i, ni ne patoro. Na ce Madam, na ga kin tsaya wata ashirin. Karon farko ta yi minti biyar tana magana ta ƙare da kuka. Muka sake, muka sake, har ta iya faɗinsa a numfashi uku, mahaifiyata ta yi rashin lafiya mai tsanani na koma Tawa na yi jinyarta, ta rasu a Oktoba 2022, yanzu na dawo Yamai gaba ɗaya kuma ban saki lissafi ba don ina riƙe wa wani ɗan kasuwa littafinsa. Daga nan ta yi shiru, wanda shi ne ya fi ba ta wuya, don in mutum ya ji kunya sai ya yi ta ƙara bayani har ya fara ba da haƙuri kan abin da ba laifi ba.

Wurare biyu na farko ba su kira ta ba, kuma ba zan ce muku layin nan sihiri ne ba, akwai masu ganin rami su ajiye ko me ka rubuta. Na uku suka kira. Da ta fito ta bugo mini, na ce ya maganar wata ashirin? Ta ce Yaya mutumin ya duba layin ya ce Allah ya jiƙanta, na ce amin, sai ya juya shafi ya tambaye ni yadda nake daidaita lissafin banki da na kes a ƙarshen wata.