Yadda Baƙar Jakata Ta Ɓace a Cikin Hoto

Ina sayar da jakunkunan hannu, kuma da na yanke shawarar baje su a shafina na intanet mai launin shuɗi mai duhu, sai na kira mai hoto ya ɗauki guda 24. Bayan ya tafi na zauna na rubuta masa wasiƙa cikin ladabi, ina roƙon ya yanko mini kowace jaka ita kaɗai, bayanta kuma ya kasance babu komai. A ganina babu maganar da ta fi wannan fitowa fili.

Da hotunan suka iso na ɗora su a shafin, sai ga kowace jaka zaune cikin farin akwati kamar hoton fasfo. Na kira shi raina a ɓace, shi kuwa ya amsa da sanyin murya cewa yawancin masu ce masa babu komai farin baya suke nufi, shi ya sa ya turo su a nau'in fayil ɗin hoto da ake kira JPEG. Ya bayyana mini cewa a JPEG dole kowane ɗigo na hoto ya ɗauki launi, don haka ba shi da hanyar barin wuri wayam. Wani nau'in da ake kira PNG kuwa, ban da ja da kore da shuɗi, yana iya ajiye lamba ta huɗu da ake kira alfa, wadda ke tashi daga 0, inda ɗigon ba ya ganuwa sam, zuwa 255, inda yake rufe abin da ke bayansa gaba ɗaya. Na ce na gane, alhali kalmar PNG kaɗai na riƙe.

Na rubuta wasiƙa ta biyu, na ambaci PNG har sau uku don ya san yanzu da masani yake magana. Ya turo sababbin hotuna tare da hoton allon kwamfutarsa, inda na ga jakata a kan ƙananan murabba'ai farare da masu ruwan toka kamar allon dara. Nan take na rubuta masa cewa ban nemi ado ba, ya cire mini wannan zanen. Ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, wannan zanen ba ya cikin hoton. Alama ce da manhajar gyaran hoto take nunawa a inda babu komai." Na karanta saƙon sau biyu, na gode wa Allah da ba a gaban mutane muka yi ba.

Babbar ɓarnar kuwa da hannuna na yi ta. Na tura hotunan ga yaron da ke kula mini da shafin ta wata manhajar hira, kuma na tura su a matsayin hotuna maimakon fayil. Manhajar ta matse su ta mayar da su JPEG, wurin da yake wayam ya cike da baƙi. Jakar da na fi alfahari da ita baƙa ce wuluk, saboda haka abin da ya rage a hotonta shi ne zik mai ruwan zinariya yana shawagi cikin duhu. Don in gyara ba tare da kowa ya sani ba, na sauya ƙarshen sunan fayil ɗin daga `.jpg` zuwa `.png`. Baƙin bai ko motsa ba, domin sauya suna ba ya dawo da alfar da ta riga ta salwanta.

A wasiƙa ta uku na sauke girman kai. Na roƙi mai hoton ya sake turo PNG ɗin a dunƙule cikin ZIP, wato fayil mai haɗa fayiloli da yawa wuri ɗaya, ya cire inuwar da ke ƙarƙashin jakunkunan, sannan ya gwada kowanne a kan shuɗin shafina kafin ya aiko, domin ya riga ya gargaɗe ni cewa kayan da aka ɗauka a kan farin baya sukan fito da siririn farin layi a gefensu idan aka ɗora su kan launi mai duhu.

A wannan karon ni ma na yi gwajin da kaina, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan shuɗin. Guda 23 sun fito tsaf. A ta ƙarshe kuwa ya yanke kewayen jakar amma ya manta da sararin da ke tsakanin mariƙinta da bakinta, inda farin ya tsaya kamar rabin wata. Na ɗauko alƙalami da murna, domin wannan ce wasiƙa ta farko da zan rubuta masa laifin ba nawa ba ne.