Shago ya cika maƙil, aljihu wayam

Ranar da na sayi kujera ta uku a shagon gyaran gashina, na tsaya na ƙare musu kallo su ukun a jere gaban madubi, na ce a raina lallai ni ma na zama babbar mace. Ban lura ba cewa hannuna biyu ne kawai, kuma kujera ba ta kitso da kanta.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in ba da hayar kujera ɗaya. Wata ƙwararriyar makitsiya ta zo, muka yi da ita za ta riƙa biyana duk mako, abin da ta samu nata ne. Sati biyun farko na ji daɗi, kuɗi na shigowa ban taɓa gashin kowa ba. A na uku na gane ashe kishiya na yi wa kaina. Ta sa farashinta ƙasa da nawa, muna zaune taku biyu tsakani, kwastomata tana hannuna amma kunnenta na can wajen cinikin da ake yi a gefe. Na'urar busar da gashi kuwa ba ta hutawa daga safe har dare, alhali da muka yanke kuɗin haya ko sunan wuta da ruwa ban ambata ba. Rannan ta ƙone wa wata mata gefen kai da man sassauta gashi, sannan ta ƙi zuwa washegari. Matar ta shigo da ɗankwali a hannu tana neman mai shago. Na ce mai aikin ba ma'aikaciyata ba ce, haya take yi. Ta nuna allon da ke bakin ƙofa ta ce, "To sunan wa ke can?"

Na sallame ta, ta tafi da kwastomominta da wasu nawa a matsayin guzuri.

Sai na koma albashi. Na ɗauki 'yan mata uku, kowace da abin da za ta karɓa ƙarshen wata. Nan ikon ya dawo hannuna, ni ke faɗin farashi, ni ke faɗin lokacin buɗewa. Amma na ga wani ciwo da ban san da shi ba: ciwon baya mai tashi daidai lokacin da kwastoma ta turo ƙofa. Kitson da nake gamawa cikin awa biyu sai ya ci wuni, ana yi ana duba waya. Ban ga laifinsu sosai ba, don wadda ta yi kai biyar da wadda ta yi ɗaya abu guda suke karɓa. Da watan da kasuwa ta mutu ya zo, muka wuni muna kallon juna, ƙarshen wata kuma suka miƙo hannu cikin ladabi.

A fusace na tara su na ce daga yau kamasho ne, kowace ta ci guminta. Babbar cikinsu ta ce, "Anti, kashi nawa?" Ni kuma da son a ce ina da kirki, na ce kashi 60 nasu, 40 nawa. Suka kalli juna suka amince da sauri. Wannan saurin ya kamata ya tsorata ni.

Ciwon baya ya warke a wuni ɗaya. Kwastoma ba ta gama sallama ba an karɓi jakarta, an zaunar da ita, an fara tsefe mata kai tun kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Akwai wadda ta shigo tambayar hanya ta fita da wankin kai. Shara dai ba mai yi, tunda tsintsiya ba ta biyan kamasho, tawul ma ni ke wankewa. Amma shago ya cika, maƙwabta na taya ni murna, ni kuma ina tafiya ina rangwaɗa.

Wata biyu a haka, kuɗin hayar shago ya gagare ni. Na fara zargin sata. Na ƙirga kwalabe, na sa ido a akwatin kuɗi, har na yi wa mijina kallon tuhuma. Ƙarshe na kira ƙanena da ya karanci lissafin kuɗi, na tura masa littafin shago na ce ya nemo mini ɓarawon.

Ya ɗauki biro ya ce, "Yaya, mu ɗauka kowane kai 100 ake biya, don lissafi ya yi sauƙi. Nawa kike ba su?" Na ce 60. "Shamfu da mai da rini da sauran kayan da kan ya ci fa?" Muka duba rasit, ya kama wajen 20 a kowane kai, kuma daga aljihuna suke fita. Ya ce to kashi 40 ɗin da nake taƙama da shi 20 ne. Sannan ya haɗa hayar shago da wuta da ruwa na wata, abubuwan da sai an biya ko kwastoma ta zo ko ba ta zo ba, suka tashi 6,000 a wannan ma'aunin. Idan kowane kai 20 yake bar mini, sai an yi kai 300 a wata kafin in biya su kawai, ban ci ko ƙwandala ba.

Na ce ai muna yin fiye da haka, bai ga yadda shago ke cika ba? Ya ƙirga: mutum uku, kowace kai uku a rana, kwana 26, kai 234 ke nan. Rabona 4,680. Duk wata ina cika 1,320 daga abin da nake samu da hannuna in na karɓi kwastoma. Wato ni ce ma'aikaciyarsu, kuma ba a biyana.

"Ɓarawon fa?" na tambaya.

"Yaya, shi ne ya ba ni littafin."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rini. Aikin rini kuɗinsa da yawa, amma kayansa na cin kusan 35 cikin 100, don haka 5 kacal ke rage mini. Su kuwa 60 ɗinsu na nan daram, kuma daga kuɗi mai kauri. Shi ya sa duk wadda ta zauna sai a ce mata, "Hajiya, ga furfura nan ta fara leƙowa." Har wata 'yar makaranta an gano mata furfura.

Shawararsa ita ce a fara cire kuɗin kaya, sannan a raba ragowar biyu. Daga 100 a cire 20, saura 80, kowa 40. A haka kai 150 ya ishe ni biyan haya da wuta da ruwa, kuma a kai 234 zan tashi da rarar 3,360.

Gaya musu ne aiki. Daga 60 zuwa 40 ba labari ne da ake karɓa da guɗa ba. Babbar ta ce ita da kwastomominta ta zo, kuma gaskiyarta ce, rabin masu zama kujerarta sunanta suke kira. Ita sai muka koma haya, amma wannan karon a rubuce: kuɗin wuta da ruwa a ciki, ba ta sauka ƙasa da farashin shago, kayan aiki nata, kan da ta ɓata ita za ta amsa. Sauran biyun suka karɓi sabon rabo bayan na yi alkawarin ɗan abin da ba zai gaza ba ko a watan da babu kowa, da sharaɗin shara da wankin tawul na cikinsa.

Yanzu da kuɗin shamfu ke taɓa rabonsu, ɗiga shi suke kamar maganin ido. Jiya ina wanke nawa kan bayan an tashi, na matsa kwalba sau biyu, sai na ji murya daga bayana: "Anti, a lissafin wa za a rubuta na biyun?"