Kafin ka danna wa alhaji Clear data

'Yan uwa mazauna Makka, musamman matasan da baƙi ke miƙa wa waya a Misfala da Shari Mansur, ina da magana da ku. Da zarar alhaji ya kwana biyu yana ɗaukar bidiyo, sai wayarsa ta rubuto Storage space running out. Saƙon yana cewa ne wurin ajiya ya kusa cika. Wayar lafiyarta ƙalau, amma hankalin mai ita ya tashi, sai ya ce "ɗana, duba min."

A wayoyin Android, idan ka shiga Settings, ka zaɓi Apps, ka buɗe manhaja, ka taɓa Storage, za ka tarar da maɓallai biyu dab da juna: Clear cache da Clear data (wasu wayoyin Clear storage suke rubutawa). Na farkon yana share tarkacen wucin gadi ne da manhajar za ta iya sake saukowa da shi, babu asara. Na biyun kuwa yana mayar da manhajar tamkar yau aka girka ta. Shi ya sa wayar take tsayar da kai da gargaɗi mai ɗauke da kalmar permanently, wato abin da ya tafi ya tafi har abada. Wallahi da yawanmu ba ma karantawa, OK kawai muke dannawa.

A ce hajiya ta zo da lambar Najeriya a WhatsApp ɗinta, ta cire layin ta sa na Saudiyya. Hakan ba ya hana shi aiki. Amma aka danna mata Clear data, sai ya nemi lambarta daga farko, ya tura lambobi 6 na tabbatarwa zuwa wancan layin. In layin yana Kano, ko ba ya kama sabis a nan, ta rabu da 'ya'yanta da jagoran tawagarta a tsakiyar aikin hajji. Ko lambobin sun shigo, akwai sauran mataki: Restore zai dawo da hirarraki daga ajiyar baya, in har an taɓa kunna Chat backup. Skip kuwa tsallakewa ne, shafi zai buɗe fayau.

Hanya mafi aminci tana cikin WhatsApp ɗin kansa: Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Zai ware maka fayilolin da suka haura 5 MB da waɗanda aka yi ta turawa. Galibi bidiyon rukunoni ne suka cinye wurin, kuma mai waya ne ya san wanda zai iya rabuwa da shi.

Ni ra'ayina, wayar da aka miƙo maka amana ce. Duk inda ka ga Delete, Clear data ko Reset, dakata, ka faɗa wa mai ita da Hausa abin da zai ɓace, ka tambaye shi ko layinsa na gida yana hannunsa. In ya ce a'a, Clear cache kaɗai za ka taɓa, sannan ku zauna tare ku zaɓi bidiyon da za a goge.