Kafin ka zargi yaron shago, duba fomularka

Jama'a wallahi abin nan ya tsaya min a rai. Wani abokina mai sayar da katako ya kusa korar yaronsa saboda Excel, yaron da ya shekara huɗu tare da shi ko allura bai taɓa ɗauka ba. Lissafin wata ya nuna an sayar da katako 2*2 guda 425, amma kuɗin da ya shigo na guda 340 ne, to ina 85 suka shiga?

Da na zauna kan kwamfutar ga abin da na tarar:

```
=SUMIF(A:A,"Katako 2*2",C:C)
```

Shi a wajensa tauraron nan "tu bai tu" yake nufi. Amma a wajen SUMIF da COUNTIF alamar * tana nufin ko me ya zo a tsakani ɗauko min, wato duk sunan da ya fara da "Katako 2" ya ƙare da 2 ya shiga lissafi. Kuma a watan ya sayar da Katako 2*12 guda 85. 340 da 85, ga 425 ɗinka nan cif. Abin haushin ma Excel ba zai nuna maka wani kuskure ba, lamba zai ba ka mai kyau kamar gaske kai kuma ka hau kai ka zauna.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba, ~ ake sa wa a gaban tauraron:

```
=SUMIF(A:A,"Katako 2~*2",C:C)
```

Nan take ta dawo 340. In kuma daga wani gida kake jawo sunan, misali E2, sai ka sa SUBSTITUTE(E2,"*","~*") a madadinsa. Alamar ? ma haka take, ita gurbin harafi ɗaya take cikewa. Ni dai a ganina duk wannan wahala ce, tun farko a rubuta 2x2 a huta.

Da muka ci gaba da dubawa sai ga wata kuma, a wajen bashi. Yana ƙirga masu bashin da ya haura dubu hamsin da ">50000", fomula ta ce mutum 6 alhali su 9 ne. Ukun nan daga saƙon waya ya kwafo kuɗinsu, sai suka shiga a matsayin rubutu ba lamba ba, ita kuwa alamar > lamba zalla take gwadawa, rubutu tsallake shi take. Za ka gane su don sun maƙale a hagu sauran suna dama, in kana shakka gwada =ISNUMBER(C7), in ta ce FALSE to rubutu ne.

Abin da nake roƙo, duk jimlar da za ta sa ka ɗaga wa mutum murya, sa Filter ka ga layukan da idonka tukuna, amma ka zaɓi sunan a jerin da hannu, don akwatin binciken ma haka yake karanta tauraro. Abokina ya ba yaron haƙuri, amma har yau yaron ba ya yarda ya riƙe makullin sito.