Biyar Sau Biyar Ya Gama Maka Aiki, Ƙanena

Ƴan'uwana masu ɗaga ƙarfe, musamman kai da ka shekara kana bin tsarin nan na StrongLifts 5x5, zo mu yi magana. Na ga da yawanku kun maƙale a nauyi ɗaya wata da watanni, kuna zargin kanku da ragwanci, alhali lissafin tsarin ne ya daina yi muku daidai.

Tsarin dai kun san shi. Kwana uku a mako, kowace rana ka fara da sukwat, wato tsugunawa da tashi da sandar ƙarfe a kafaɗa, zagaye biyar, kowanne sau biyar, a nauyi guda. Idan ka cika su, ka ƙara kilo 2.5 a zuwa na gaba. Idan ka kasa sau uku a jere, ka rage kashi 10 cikin ɗari ka sake hawa. Ga sabon shiga da ya fara da sanda tsirara mai kilo 20, babu abin da ya fi wannan, domin nauyin bai kai ya gajiyar da shi ba, kuma jikinsa na murmurewa kafin jibi. Amma ƙarin nan kilo 7.5 ne a mako, wajen kilo 30 a wata. Wane jiki ne zai ɗore a haka har shekara?

Mu ɗauki mai sukwat na kilo 120. Sau 25 zai sauka ya tashi da wannan nauyi, kilo 3,000 ke nan a rana ɗaya, kuma ana so ya maimaita bayan kwana biyu da ƙari a kai. Ya sa 122.5, a zagaye na huɗu sandar ta tsaya masa a rabin hanya, gwiwoyi suna lanƙwasowa ciki, ƙugu ya riga ƙirji tashi. Ya kasa sau uku, ya koma 110. Zuwa biyar zai yi kafin ya sake isa 122.5, sai ya tarar da bangon yana nan inda ya bar shi. Ni kaina na yi wannan zagayen har sau uku, ina zaune a bakin benci ina kallon agogo, hutun da a da minti ɗaya da rabi ne ya koma minti biyar, sukwat kaɗai na cin kusan awa guda. Kafin in zo kan sauran ɗagawar, hannuna rawa yake.

Jiki magayi ne, amma kada ka yi saurin cewa ka wuce tsarin. Duba barcinka da cin abincinka tukuna. Mai kwanciya ƙarfe biyu na dare ya tashi da asuba, ko wanda yake rama, zai maƙale a kowane tsari. Idan waɗannan lafiya lau, ka rage nauyin sanda sau biyu ka dawo ka tsaya wuri ɗaya, to ka daina zama sabon shiga. Yanzu gajiyar rana ɗaya tana bin ka har zuwa na gaba, ƙarfinka kuma mako-mako yake ƙaruwa.

Gyaran bai da wuya. A tsarin da ake kira Madcow, wanda ya samo asali daga koyarwar Bill Starr, wani kocin ɗaga ƙarfe ɗan Amurka, biyar sau biyar ɗin na nan, amma hawa ake yi kamar matakala. Mutumin namu ranar Litinin zai yi 60, 75, 90, 105, sannan 120, kowanne sau biyar. Zagaye ɗaya ne kawai mai tsanani. Laraba ya sassauta, ya tsaya a 90. Juma'a ya sake hawa har 105, ya ɗora 122.5 sau uku kacal, ya sauko 90 ya yi sau takwas. Litinin mai zuwa sai ya nemi 122.5 ɗin sau biyar, nauyin da bayansa ya riga ya ɗanɗana. Ƙarin kilo 2.5 ne a mako, kuma yana da kyau ya faro ƙasa da iyakarsa da makonni uku ko huɗu, kada ya ci karo da bango tun makon farko.

Wani abu kuma, ɗagawar ba sa maƙalewa tare. Tura sanda sama da kai ita ke fara tsayawa, domin kilo 2.5 a kan 50 kashi biyar cikin ɗari ne, a kan 120 kuwa kashi biyu ne da ɗan ɗoriya. Nan ƙananan faifai na rabin kilo suke da rana. Ɗaukar sanda daga ƙasa, wadda zagaye ɗaya kawai ake yi mata, sau da yawa tana ci gaba da hawa bayan sukwat ta tsaya. Wadda take tafiya ka bar ta a tsohon lissafi, wadda ta tsaya ita kaɗai za ka mayar kan ƙarin mako-mako.